Darasi na Tara: Wasiƙar Makaranta a kan Gwajin Yaro

Wasiƙar da ta zo daga makaranta tana cewa a kai yaro wajen masani yakan sa gaban iyaye ya faɗi. Na sha ganin uwa ta riƙe irin wannan takarda hannunta yana rawa, tana tambaya, “Malama, wai suna nufin kan ɗana ya taɓu ne?” Ba haka ake nufi ba. A wannan darasi za mu karanta misalin irin wannan wasiƙa a tsanake, mu ga abin da take nema a wajen iyaye. Sunan yaron da na makarantar ba za su zo a ciki ba, domin misali ne kawai.

Wasiƙar

Zuwa ga iyayen ɗalibinmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni ce malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantar nan. Na rubuto muku ne a kan ɗanku mai shekara 9, wanda ke aji uku.

Yaro ne mai fahimta. Idan aka karanta wa ajin labari, yakan riga kowa ɗaga hannu, kuma amsarsa takan yi daidai. Amma idan aka miƙa masa takardar aka ce ya karanta da kansa, sai ya tsaya cik. Yakan dubi harafin farko ya canki sauran, ya ga “baki” ya ce “baka”. A minti ɗaya yana karanta kalma 18 daidai, alhali yawancin ’yan ajinsu suna wuce 50 a wannan shafin. Kwanan nan ya fara cewa cikinsa na ciwo duk lokacin da aka shiga darasin karatu.

Ba mu zauna mun zuba ido ba. Mun dawo da shi benci na gaba. Mun ba shi ƙarin darasi na minti 20, sau huɗu a mako, har tsawon mako 12. Yaran da suka fara tare da shi sun matsa gaba sosai, shi kuwa daga kalma 15 ya kai 18 ne kawai.

Saboda haka muna neman izininku masanin halayyar koyon yara ya gwada shi, domin a gano inda karatun yake maƙalewa. Wannan ba jarrabawar cin aji ba ce, kuma babu allura ko magani a ciki. Kafin ranar, muna roƙon a duba masa ido da kunne. Za a ba ku rahoton a yi muku bayaninsa baki da baki. Ba za a yi komai ba sai kun sa hannu, kuma ƙofata a buɗe take ga duk tambayar da kuke da ita.

Taku,
Malama mai ba ɗalibai shawara

Abin da za ku nema a cikin wasiƙar

Ku sake duba sakin layi na biyu. Malamar ba ta ce yaron daƙiƙi ne ko malalaci ba. Ta faɗi abin da ta gani da idonta, ta ba da lissafi: kalma 18 a minti ɗaya. Ta kuma nuna saɓanin da ya ɗaure mata kai, wato yaro yana gane labari da kunne amma ya kasa ciro shi daga takarda. Wannan saɓanin shi ne ainihin dalilin gwajin. Da bai gane komai ba ko ta kunne ko ta ido, da tambayar ta zama wata daban.

Sakin layi na uku ne, a ganina, ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne iyaye suka fi tsallakewa. Yana faɗin abin da makaranta ta riga ta gwada, da tsawon lokacin da ta ɗauka, da abin da ya fito. Yaro yakan koma baya a karatu saboda yawan fashi, ko yawan canjin malamai, ko don ba a koya masa sautin haruffa da kyau ba tun farko. Irin wannan yaron, da zarar ya sami ƙarin darasi mai kyau, sai ka ga ya kamo ’yan uwansa. Wanda aka yi wa mako 12 ana fama amma ya motsa kaɗan, shi ne ake zaton akwai wani abu a ƙasa. Idan wasiƙar da ta zo muku ba ta faɗi abin da aka gwada ba, ku tambaya. Haƙƙinku ne.

Maganar ido da kunne kuma ba cikon takarda ba ce. Yaron da ba ya ganin allo sosai, ko wanda ruwa ya taru masa a bayan dodon kunne har sautuka suke zo masa a dushe, zai yi kama da mai matsalar koyo, alhali tabarau ko maganin kunne yake bukata.

Yadda ranar gwajin take

Masanin zai fara da ku, iyaye. Zai tambayi yadda aka haifi yaron, da lokacin da ya fara magana, da ciwon da ya taɓa yi, da yadda yake barci. Zai kuma tambaya ko akwai wani a dangi da karatu ya ba shi wahala, domin wahalar karatu da ake kira disleksiya takan bi jini. Kada kunya ta sa ku ɓoye. Uban da ya ce, “Ni ma haka na yi fama,” ya taimaki ɗansa ƙwarai.

Daga nan sai ya zauna da yaron su biyu a ɗaki mai shiru. Aikin yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, da hutu a tsakani, wani lokaci ma a raba shi kwana biyu. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi amfani da su a duniya shi ne WISC, gwajin auna basirar yara, wanda masanin halayyar ɗan Adam David Wechsler ya fitar a 1949, aka kuma yi ta sabunta shi. Na yara ne masu shekara 6 zuwa 16. A cikinsa akan ba yaro ’yan tubala masu launin ja da fari ya jera su su yi daidai da hoton da ke gabansa. Akan faɗa masa lambobi kamar 4, 9, 2, ya maimaita, sa’an nan ya faɗe su ta baya. Akan tambaye shi ma’anar kalmomi, da abin da ya haɗa abubuwa biyu.

Sai gwajin karatun kansa, inda masanin yake bin sawun matsalar. Zai iya cewa, “Faɗi ‘baki’. To, cire sautin farko ka sa ‘ɗ’ a wurinsa.” Yaron da kunnensa ke rarrabe sautukan cikin kalma zai ce “ɗaki” nan take. Mai disleksiya yakan yi shiru yana lalube. Za a kuma ba shi kalmomin ƙirƙira marasa ma’ana, kamar “zomi” ko “lafu”. Hikimar ita ce, ba zai iya haddace su ko ya canke su ba, dole sai ya haɗa harafi da sauti. Rikita “b” da “d” kaɗai ba hujja ba ce, domin yara da yawa ’yan shekara 6 ko 7 suna yin haka su daina.

Ba a yi wa wannan gwaji bita a gida. Abin da yaron yake bukata shi ne ya yi barci isasshe, ya ci abinci, ya zo da tabaransa idan yana sawa. Ku gaya masa gaskiya cikin sauƙi: “Za ka je wajen wani malami ku yi wasu ayyuka, don a san hanyar da ta fi maka sauƙin koyo.” Idan ya tashi da zazzaɓi, ku nemi a ɗaga ranar.

Karanta makin

A irin waɗannan gwaje-gwaje, 100 ba ya nufin yaro ya cinye duka. Maki 100 shi ne tsakiyar abin da sa’o’insa suke samu, kuma kusan yara 68 cikin 100 suna faɗawa tsakanin 85 da 115.

A ce rahoton yaron namu ya nuna 108 a fahimtar magana, 80 a riƙe abu a ka na ɗan lokaci, da 76 a karanta kalmomi. Makin farko yana nufin ya fi kusan yara 70 cikin 100 na sa’o’insa. Na ƙarshe kuwa yana nufin kusan yara 5 kawai ya fi. Wannan tazarar ta tabbatar da abin da malamar ta hango: hankalinsa lafiya lau, haɗa harafi da sauti ne yake ba shi wahala. Makin 80 kuma ya bayyana dalilin da ya sa idan aka ba shi umarni uku a jere, sai ya yi na farko ya manta sauran. Daga nan shawarar masanin takan fito a fili: a koya masa sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan kullum, a riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a daina tsayar da shi gaban aji ya yi karatu ba shiri.

Makin yana da iyaka. Idan aka sake gwajin wata rana, zai iya hawa ko sauka da ’yan lambobi. Babbar matsala kuma ita ce harshe. Idan aka gwada yaro da harshen da bai ƙware a kai ba, ko aka auna shi da yaran wata ƙasa da rayuwarsu ta bambanta da tasa, makin zai iya faɗuwa ƙasa da ainihin iyawarsa. Alamar da za ku lura da ita ita ce, ya yi kyau a tubala da hotuna amma ya faɗi a duk abin da ke bukatar magana, alhali a gida bakinsa ba ya hutawa. Ku tambayi masanin kai tsaye, “Da wane harshe aka gwada shi, kuma da waɗanne yara aka kwatanta shi?”

Aikin yi

Ku koma ga wasiƙar, ku ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta faɗi abin da makaranta ta riga ta gwada. Sa’an nan ku kwafi wannan amsar a littafinku, ku cike guraben:

Zuwa ga malama mai ba ɗalibai shawara. Bayan gaisuwa, na sami wasiƙarki a kan ɗana ________. Na amince a yi masa gwajin. An duba masa ido da kunne ranar ________. Harshen da muke yi a gida shi ne ________. Ina so in san wanda zai ga rahoton ban da ni, da ranar da za mu zauna a yi mini bayaninsa.

Sa hannu: ________ Kwanan wata: ________