Yadda ake zaɓen yadin da ke tare rana a kasuwar Maradi

Da yawanmu idan bazara ta kama sai mu nemi farin yadi marar nauyi, muna ganin mun tsira. Zafi kam ya ragu, amma hasken da ke ƙona fata yana ratsawa. Abin ya fi damuna game da zabiya da 'yan kabu-kabu masu wuni a rana.

Da farko a fahimci wata lamba da ake kira UPF. UPF da ake rubutawa jikin wasu tufafi na nuna yawan hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani mai cutar da fata, da ke ratsa yadin. UPF 50 na nufin kashi 1 cikin 50 ne kawai ke kaiwa ga fata. Farar rigar auduga mai shara-shara ba ta wuce UPF 5 zuwa 7, wato har kashi 1 cikin 5 na iya shiga, idan kuma zufa ta jiƙa ta, kariyar ta ƙara raguwa. SPF, lambar da ke jikin man kariya daga rana, daban ne. Yana auna UVB ne, nau'in UV mai ƙona fata, shi kuwa UPF ya haɗa har da UVA mai shiga can ciki. Man kuma sai an shafa shi da kauri, a sake bayan awa biyu. Riga tana aikinta muddin tana jiki.

Yawancin yadin kasuwarmu ba su da wannan lamba, don haka ido ne zai yi aiki. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, bari in duba a waje." Ɗaga falle ɗaya ka fuskanci haske. In kana hango inuwar yatsunka da ƙananan ramuka tsakanin zare, rana ma ta nan za ta bi. Sannan ka ɗan ja yadin, domin mai talewa yana buɗe ramukansa idan ya matse jiki.

Saƙa ita ce kan gaba. Jins da kaki masu saƙar karkace sun fi kowa tarewa, sai shadda mai kauri da atamfa mai matsattsen zare. Boyal da leshi da siririn gyale suna baya. In saƙa ɗaya ce, zaren roba ya fi auduga shanye UV, baƙi da shuɗi mai duhu kuma sun fi fari.

A ɗauki ɗan kabu-kabu mai farar riga. Ya sayi kaki ko shadda mai duhu, ya ce wa tela ya yi dogon hannu da wuya mai tsayi, ya kuma saki ɗinkin don iska ta zagaya. Fuska da bayan hannu, inda yadi bai kai ba, nan ne zai shafa man SPF 30 ko sama. Ranar da gwiwar hannun rigar ta sirance har haske na ratsa ta, sai ya koma wurin tela a ɗinka sabuwa.