An shafa fatiha, saura takarda: kurakuran rajistar aure a Maradi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa tunda liman ya ɗaura, waliyyai sun karɓa, an raba goro da dabino, to magana ta ƙare. A addini aure ya ɗauru, babu ja. Amma hukuma ba ta san da shi ba sai an kai labarinsa ofishin rajistar al'umma. Ko takardar da wani masallaci ya bayar ba ta maye gurbin ta magajin gari.

Dokar rajistar al'umma ta 2019 ta ba da kwana 60, kuma kai bayanin cikin wa'adi kyauta ne. Daga ranar ɗaurin aure ake ƙirga, ba daga ranar tarewa ba, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Auren da aka ɗaura ran 10 ga Janairu 2025, wa'adinsa ya cika ran 11 ga Maris. In aka ce sai amarya ta tare bayan salla, lokaci ya wuce. Daga nan sai kotu: a shigar da buƙata, a kawo shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da ke tabbatar da auren, sannan a kai hukuncin ma'aikatar magajin gari a rubuta shi a rajista. Wasu kan tsaya a takardar kotun su koma gida, alhali aikin bai kammala ba.

Birnin Maradi gunduma uku ne, sai a nufi wadda aka ɗaura auren a cikinta, ango da amarya da shaidunsu, kowa da katinsa na ɗan ƙasa. A ƙauye ana farawa ne daga wurin maigari.

Kafin a sa hannu, a karanta sunaye harafi-harafi, a gwada su da takardar haihuwa. Mamman a wannan takarda, Mahamman a waccan, wurin ma'aikaci mutum biyu ne, kuma gyaran yakan sake kai mutum kotu.

Amfanin takardar yana fitowa ne ran da mai gida ya kwanta dama. A ce ma'aikaci ya rasu ya bar mata biyu, uwargida da takarda, amarya babu. Amarya tana da gadonta a addini, amma asusun fansho takarda yake tambaya. In dangin miji suka ce ai ya sake ta tun bara, ita ce za ta shiga neman waɗanda suka halarci ɗaurin auren, wataƙila liman ya rasu, wakilin ango yana Kano. Shi ya sa kowace mata sai da tata takardar, kuma ta riƙe kwafi a hannunta, kada duka su zauna a akwatin miji.

Saki ma haka yake. In ba a rubuta shi ba, a rajista matar tana nan da aurenta na farko, ranar da ta zo rajistar sabon aure sai magana ta cije.