Yadda ake auna man sitiroyid da kan yatsa

In hunturu ya sauka a Zariya, yara masu egzima kan wuni suna susa. Likita ya rubuta man sitiroyid, kamar haidirokotizon, ya ce a shafa kaɗan. To, kaɗan ɗin nawa ne? Wata uwar za ta laɓta kamar man kaɗanya, wata kuma tsoro ya sa ta ɗan dangwala kawai. Abin yana da ma'auni, kuma a hannunki yake.

Ki wanke hannu, ki miƙe manuniyarki. Ki matso man a layi ɗaya daga lanƙwasar gaɓar ƙarshe, wadda ta fi kusa da farce, zuwa ƙarshen yatsa. Wannan awo ɗaya ke nan, kusan rabin giram idan bakin bututun faɗin milimita 5 ne, kamar yawancinsu. Awo ɗaya yana isar fata mai faɗin tafin hannun babba biyu, har da yatsu a haɗe. Ko jariri za a shafa wa, da yatsa da tafin babba ake aunawa.

Mu ce ɗanki yana da egzima a lanƙwasar gwiwar hannu biyu da bayan gwiwoyi biyu. Ki ɗora tafinki a kai. Idan kowane wuri rabin tafi ne, huɗun sun ba da tafi biyu, wato awo ɗaya. Ki raba shi ɗigo huɗu, ki shafa a hankali bisa kwanciyar gashi, inda ciwon yake kaɗai, har ya ɓace. Idan sau biyu a rana likita ya ce, giram ɗaya ke tafiya kullum, bututu mai giram 15 zai kai mako biyu.

Bututun da kansa zai gaya miki gaskiya. In ya ƙare cikin kwana huɗu, kin yi yawa. In mako biyu sun wuce yana nan kamar sabo, yaro kuwa bai daina susa ba, kin yi ƙwauro. Wannan ya fi damuna, don uwa sai ta ce magani ba ya ci, ta nufi kemis a ba ta mai ƙarfi. Mai ƙarfin kuwa, idan aka daɗe ana shafawa, yana sirantar da fata, ta yi haske, ta tsattsage kamar nanƙarwa, musamman a fuska, hammata da matsematsi.

Man gyara fata irin basilin ba ya cikin wannan lissafi. Shi a wadace ake shafa shi, a bar kamar minti 30 tsakaninsa da maganin.

Kafin duk wannan, ki tabbata likita ya ga fatar. Ƙyasbi da makero, waɗanda mutane kan kira egzima, cuta ce daban, ƙwayar cuta ke kawo su. Sitiroyid zai kwantar da ƙaiƙayin na ɗan lokaci, makeron kuwa yana ta ƙara faɗi.