Yadda ake sa wa hoton mutum doguwar riga ta zauna kamar a jikinsa take

Duk wanda na gani ya fara wannan aikin da manhajar AI mai sa wa hoton mutum tufa, wuri ɗaya yake faɗuwa. Zai ɗora hoton mace mai ƙaramar riga, ya ɗora hoton abaya, ya danna, sai abayar ta fito a guntule iya ƙugu, siket ɗin da yana nan a ƙasa. Daga nan sai ya ce manhajar ba ta aiki. Ni ma haka na ce, ranar da na gwada wa ƙanwata mai sayar da kaya a WhatsApp.

Da IDM-VTON zan yi misali, wanda ya fito a 2024, ana kuma gwada shi kyauta a shafin intanet na Hugging Face. Amma lasisinsa bai yarda da kasuwanci ba. Ka koyi hannu da shi, in talla za ka yi ka nemi wanda ya halatta.

Fara da hoton mutum. Ya tsaya yana fuskantar kyamara, hannuwa a sake, a ɗan ware su daga jiki. Ban da rungume hannu, ban da jaka a kafaɗa, ban da hoton madubi da waya a ƙirji. Manhajar tana fara gano kafaɗa, gwiwar hannu da ƙugu ne, a kansu take rataya tufar, in ta rasa su ta ƙirƙiro nata. Ga mata, a naɗe gyale ko hijabi ya tsaya iya wuya don wannan hoton kaɗai. Hoton kuma ya zama na tsaye, faɗi 3 tsawo 4, domin 768 da 1024 za ta mayar da shi. In ba haka yake ba, kunna "Use auto-crop & resizing", ko ka ga mutum ya rame ko ya kumbura.

Hoton riga kuwa, a goge ta tukuna. Na maimaita, a goge ta. Duk yamutsin da ke hoton ana iya kwaso shi a ɗora wa mutum kamar ɗinki ne. A shimfiɗa ta a kan farin zanin gado, hannayenta a buɗe, a ɗauka daga sama a hasken rana, cikin inuwa. Ba sai ka sayi fitila ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Manhajar ba liƙa riga take yi a kan hoto ba. Wani yanki na hoton take gogewa, wanda allon ke kira mask, sannan ta zana sabuwar tufa a cikinsa, tana duba hoton rigar da siffar jikin. Abin da ke wajen yankin ba ta taɓa shi. To in ka bar "Use auto-generated mask" a kunne, saman jiki kawai za ta goge, kusan daidai da rigar da mutumin yake sanye da ita. Ina abaya za ta samu wurin zuba?

Kashe shi, ka ɗauki burushi ka shafe da hannunka. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: da gaske aka sa wannan rigar, ina za ta kai? A abayar ƙanwata, na shafe daga wuya zuwa idon sawu, na faɗaɗa gefe biyu kamar tafin hannu daga ƙugu, ina ƙara buɗewa yayin da nake sauka, na kuma cike ramin da ke tsakanin hannu da haƙarƙari, tunda hannun abayar mai faɗi ne. Fuska, tafin hannu da ƙafa na bar su. Sai ga yadi ya zubo da lanƙwasarsa.

Kana iya gane laifin shafe daga sakamako. In tsohuwar riga tana leƙowa a wuya ko bakin hannu, shafen ya yi kaɗan. In bango ya karkace ko mutum ya ƙara ƙiba, ya yi yawa. In yatsu sun narke, ka hau kansu da burushi.

Babbar riga dai ka haƙura da ita. Hotunan da aka horar da irin waɗannan manhajoji da su, kamar tarin VITON-HD, galibi rigunan Turawa ne masu bin jiki, ba su saba da malum-malum da ake naɗe hannunta a kafaɗa ba. Kaftani da jallabiya sun fi fitowa.

Sauran mai sauƙi ne. Rubuta gajeren bayanin rigar da Turanci a akwatinsa, launi da tsawon hannu. Bar "Denoising Steps" a 30, ƙari ɓata lokaci ne a ganina. In lanƙwasar ba ta yi maka ba, canza lambar "Seed" ka sake danna "Try-on", sau uku ko huɗu, ka zaɓa. Kafin ka tura wa kowa, buɗe hoton sosai ka kwatanta aikin wuya da zanen atamfa da na ainihin rigar, domin nan ne take yawan sauya fure ko ta cinye maɓalli ɗaya.