Yadda Ake Rage Nauyin Wasan Waya Don Ƙananan Wayoyi

Ana yawan tambayarmu me ya sa wasanni kamar Ludo King ba su da nauyi. Wayoyi da yawa a hannun mutane masu ƙaramin RAM ne, data kuma tana da tsada. Ga yadda masu gina wasa ke yi:

1. Fitar da wasan a tsarin AAB, wato ƙunshin manhaja da Play Store ke rarrabawa gwargwadon waya, maimakon fayil ɗin APK guda ɗaya, don Play Store ya ba kowace waya abin da ya dace da ita kaɗai.
2. Matse hotuna da ETC2, wani tsarin matse hotunan wasa.
3. Mayar da sauti daga WAV zuwa OGG, wanda ya fi shi ƙarancin nauyi.

Hattara: wajen rage nauyi kada ka cire armeabi-v7a, wato ɓangaren wasan da aka gina don wayoyi masu 32-bit. Wayoyi da yawa masu Android Go, wato Android na ƙananan wayoyi, irin su wasu itel, 32-bit suke, in ka cire shi wasan ba zai sauka a kansu ba.

4. Gwada a kan waya mai arha ta gaske, ba kwamfuta ba. In wasan ya rufe kansa, mai yiwuwa RAM ne ya ƙare.