Ƙarin jikka 20 a kan biyan bashi: inda mutane ke kuskure

Ƙanena malamin makaranta ne a nan Tahoua. Ya ci bashin banki na sefa miliyan 2 don ya rufa ɗakunan da ya gina, kuɗin ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, biya cikin wata 36. Kowane wata ana cire masa 66,429 daga albashi. In ya bi haka har ƙarshe, ruwan da zai biya ya kai kusan 391,000. Wata rana bayan la'asar ya zo da takardun a cikin leda, ya ce: "Yaya, in na riƙa ƙara jikka 20 duk wata, me zan samu?"

Shi a tunaninsa jikka 20 ba ta taɓa miliyan 2 ba, kuma wannan ne kuskuren da ke hana yawancin mutane farawa. Sun manta cewa ruwa a kan abin da ya rage ake lissafa shi. A watan farko ruwan 20,000 ne, wato kashi 1 cikin ɗari na miliyan 2, sauran 46,429 su ke rage uwar kuɗi. Ƙarin kuwa ruwa ba ya cin ko dala a cikinsa, duka kan uwar kuɗi yake sauka. Sai bashin ya koma 1,933,571 maimakon 1,953,571, ruwan wata na biyu ya ragu da sefa 200. Sefa 200 ba ta cika ido ba, amma kowane wata ana sake samun ta, sabon ƙari kuma yana kawo tasa. Da muka bi lissafin har ƙasa, bashin ya ƙare a wata na 27, an rage wata 9, ruwa ya sauko zuwa kusan 286,000. Abin da ya tsira kusan 105,000 ne. Mai Excel na Faransanci zai iya gwadawa:

```
=NPM(1%;-86429;2000000)
```

Zai ba da 26 da ɗoriya, wato biya na 27 guntu ne, kusan 39,000.

Da ya ji wata 9, sai ya ninka 66,429 sau 9, ya ce ashe ya ci ribar kusan jikka 600. Nan ma kuskure ne. Mafi yawan wannan kuɗin shi ne ya biya da wuri daga aljihunsa. Ribar gaskiya ita ce bambancin ruwa kawai, 391,000 a cire 286,000.

Akwai kuma masu cewa bari sai shekara ta zagayo, in hidima ta lafa. Mun gwada wannan ma. In ƙanena ya fara ƙarin a wata na 13, bashin zai ƙare a wata na 30, abin da zai tsira kuma kusan 46,000 ne, bai kai rabin na farko ba. Ruwa ya fi kauri a farkon bashi, lokacin da uwar kuɗi ke da nauyi, don haka jikkar da aka ƙara a wata na 2 ta fi ta wata na 25 aiki nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wanda ƙanena ya faɗa ciki daga baya. Wata uku yana zuba jikka 20 a asusunsa, yana zaton bashi na raguwa, alhali kuɗin na kwance, banki na cire 66,429 ɗinsa kamar kullum. Banki ba ya ɗaukar ƙari da kansa. Sai ka nema, sau da yawa a rubuce, cewa a sa kuɗin kan uwar kuɗi. Ka kuma faɗi cewa tsawon lokaci kake so a rage, domin ana iya rage maka biyan wata a bar wata 36 yadda suke, kuma ribar hakan ba ta kai ta rage lokaci ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka karɓi sabon jadawalin biya, wanda aka rubuta wa "tableau d'amortissement", ka duba layin "capital restant dû", wato uwar kuɗin da ta rage. In bai sauka da adadin ƙarinka ba, kuɗin bai isa inda ka aika shi ba.

Kafin ka ƙara ko dala, karanta yarjejeniyar a wuri biyu. Wasu masu ba da bashi suna cin tara a kan biya kafin lokaci, to ka cire tarar daga 105,000 ka ga abin da ya saura. Wasu kuma, musamman a ƙananan basussuka, suna lissafa ruwan gaba ɗaya a kan kuɗin farko su raba shi daidai a watanni. Alamarsa, ruwan da ke cikin jadawali ba ya canzawa daga wata zuwa wata. A irin wannan, ƙari zai sa ka gama da wuri, amma ruwan ba zai ragu ba sai in an rubuta cewa za a yafe na watannin da suka rage.

Ƙanena ya koma da wasiƙarsa, aka haɗa jikka 60 ɗin da ke kwance aka sauke su kan uwar kuɗi, aka buga masa sabon jadawali. Jinkirin wata ukun nan ya ci masa kusan sefa 1,500.