Yadda ake karɓar rance a hannun dangi ba takarda, zumunta ta tsira

A Tawa, idan ka je wurin kawunka neman rance ka fito da takarda da biro, ka ɓata masa rai tun kafin ya buɗe baki. Zai ce, "Ɗana, ni za ka yi wa takarda?" Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma inda za a iya rubutawa ba tare da an ƙullaci juna ba, shi ya fi. Amma ayar da ke bi mata ta yi maganar wanda aka amince masa, ta ce ya mayar da amanar da aka ba shi. Yawancinmu a nan muke. To aikin da takarda za ta yi, wato riƙe adadi da rana da sharaɗi, sai mutum ya yi shi da bakinsa da ƙafarsa. Kuma a ganina nauyin nan a kan mai karɓa yake, ba a kan mai bayarwa ba, domin shi babba kunya ba za ta bar shi ya tambaye ka ba.

A ce kana noman albasa a fadama, watan Nuwamba ya kama, kana buƙatar jika 150, wato sefa 150,000, na taki da man injin ban ruwa da 'yan ƙwadago masu dashe. Kawunka ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ka san inda kuɗin biya za su fito kafin ka bar gida

Ka zauna ka tambayi kanka da me za ka biya. "Allah zai kawo" addu'a ce mai kyau, amma Kawu ba zai sari gero da ita ba. Idan albasar ce kaɗai madogararka, ka ƙiyasta buhunan da za ka samu a shekarar da ba ta yi kyau ba, da kuɗin da suke yi lokacin da kasuwa ta cika. Idan lissafin bai kai jika 150 ba, ka rage abin da za ka nema, ko ka nemo madogara ta biyu, kamar ragon da kake kiwo ko kwasar adashen da ke jiranka.

Mataki na 2: Ka kira abin da sunansa

Rigimar dangi da yawa daga nan take tasowa. Yaro ya je ya ce, "Kawu, a taimaka mini," Kawu ya ƙirgo kuɗi ya miƙa. Shi yaron ya tafi da cewa gudummawa ce, ko aƙalla abin da za a biya in an samu hali. Kawu kuwa ya san rance ya bayar. Wani lokaci ma abu na uku ne ke ransa: ya ɗauka jari ya zuba, yana jiran rabonsa na riba idan an sayar da albasa. Kowannensu da gaskiyarsa, don ba wanda ya faɗi kalmar.

Bayan an gaisa, an tambayi iyali da kasuwa, ka faɗe ta a sarari: "Kawu, rance na zo nema, ba kyauta ba. Abin da na karɓa shi zan mayar." Wannan jimla ta biyu ta rufe ƙofa biyu. Ta nuna ba jari ba ne, ta kuma nuna ba a sharɗanta ƙari ba, domin ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ce da addini ya hana. Idan Kawu ya ce shi jari yake so ya sa, to wata magana ce daban, sai a zauna a yi ta: kashi nawa ne nasa, kuma idan albasa ta ruɓe yaya za a yi da asarar.

Mataki na 3: Adadi da rana, a bakin da ba ya ɗaukar ma'ana biyu

Mu a Nijar lissafi biyu muke yi a kasuwa ɗaya. Dattijo yana ƙirga dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan ya ce "dubu 30", yana nufin sefa 150,000. Ɗan lakkol da ya saba da lissafin Faransanci zai iya jin sefa 30,000. Ranar karɓa ba a ruɗewa tunda kuɗin suna hannu, amma bayan wata shida, ko idan maganar ta koma bakin 'ya'ya, sai ka ji ana musu. Ka faɗi adadin da jika, ka maimaita: jika 150. Ka ƙirga a gabansa ko da ya ce ba sai ka ƙirga ba. Haka in buhun gero ka ranta, buhun gero za ka mayar, ba kuɗinsa na ranar da ka ɗauka ba. Masu zirga-zirgar Konni kuma su fayyace ko naira aka bayar ko sefa, don canji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Rana ta fi adadi wuyar sha'ani. "In na sayar da albasa" ba rana ba ce. Wanda ya dasa a Nuwamba ko Disamba yana cira wajen Maris ko Afrilu, lokacin da kowa ke cira, farashi ya faɗi ƙasa. Manomi mai dabara zai zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira watanni har ta yi daraja. To wace sayarwa ake nufi? Kawu yana jiran Afrilu, kai kana hangen Satumba, ga wata biyar na shiru da zargi a tsakaninku.

Don haka ka tambaye shi abin da mutane ba su cika tambaya ba: "Kawu, yaushe kuɗin nan za su yi maka amfani?" Mai sayar da hatsi yana son kuɗinsa su dawo kafin kaka, lokacin da zai sari gero da wake da araha. Idan ka san haka, sai ka tsara: jika 70 a ƙarshen Afrilu daga buhunan farko, jika 80 a ƙarshen Agusta daga na rudu. Ka ƙara wa kanka sati biyu ko uku a kan abin da kake tsammani. Gara ka sa rana mai nisa ka zo da wuri.

Mataki na 4: Ka samar da shaida da kanka

Idan Kawu ne ya ce a kira shaida, zai ji kamar ya tuhume ka. Idan kai ka kawo, ladabi ne. Ka ce, "Kawu, rai ba a hannunmu yake ba, ina so babban yaya ya san da maganar nan." Ba dattijon da zai ƙi wannan dalili. Ka zaɓi mutumin da ku biyun kuke jin nauyinsa, wanda kuma bakinsa ba ya yawo, don rancen da ya zama hirar fada ya riga ya fara cin zumunta.

Waya ma tana taimako. Da ka koma gida ka tura saƙon murya na godiya, ka saka komai ciki: "Kawu, na isa lafiya. Na gode da rancen jika 150. Kamar yadda muka yi, 70 ƙarshen Afrilu, 80 ƙarshen Agusta, in Allah ya yarda." Shi zai ji godiya, ku biyun kuma kun samu abin komawa. Idan daga Abijan ko Yamai aka turo kuɗin ta Nita ko Al Izza, ka adana rasit ɗin. Sai dai rasit yana nuna an tura kuɗi ne kawai, ba ya cewa rance ne ko kyauta, shi ya sa saƙon yake da amfani.

Ka kuma gaya wa mutum ɗaya a cikin gidanka, matarka ko babban ɗanka. Ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado, amma magada ba za su biya abin da ba su sani ba.

Mataki na 5: Tsakanin karɓa da biya, kada ƙafarka ta ɗauke

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin ɓuya ba ne. Amma mai bashi yakan fara jin nauyin haɗuwa, ya daina zuwa gaisuwar Juma'a, ya ga kira ya ƙi ɗauka. Wannan ɗaukewar ƙafa ta fi rashin kuɗin ciwo. Ka ci gaba da zuwa kamar da. Ka kuma kula da abin da ido ke gani: idan ranar biya ta wuce aka gan ka da sabon babur, duk bayanin da za ka yi ya makara.

Buhun albasar da ka kai wa gidan Kawu tsaraba ce, kada ka cire ta a cikin lissafi a zuciyarka. Idan kana so ta shiga biya, ku yi mata kuɗi a baki tun a tsaye.

Mataki na 6: Idan abin ya ƙi, ka riga ranar zuwa

A ce ka kawo jika 70 a Afrilu, ka faɗi saura da bakinka: "Saura 80, Kawu." Damina ta shiga, laima ta kama rudu, kashi mai yawa na albasar ya ruɓe. Tun tsakiyar Yuli ka san 80 ba za su haɗu ba. Kada ka jira ƙarshen Agusta. Ka je da ƙafarka, ba aike ba, ba waya ba, ka riƙe abin da ya samu ko jika 30 ne. Ka faɗi abin da ya faru ba ƙari, ka kawo sabuwar rana mai madogara: "Sauran 50 idan na kwashi adashe a Oktoba." Zuwa da wuri yana ba shi damar nemo kuɗin sarin gero ta wani wuri. Aya ta 280 a wannan sura ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma dattawanmu sun san ta. Amma hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci, don haka kada ka nemi sabuwar rana alhali ragon yana ɗaure a gida. Ɗaga rana sau ɗaya uzuri ne. Idan za a kai na biyu, a sayar da wani abu.

Idan har rai ya ɓaci, a koma wurin shaidan nan tukuna, sannan babban gida ko liman, kafin maganar ta kai ƙofar mai unguwa.

Mataki na 7: Ka rufe maganar

Biyan ƙarshe ka kai shi hannu da hannu, kada ka ba yaro ko direba. Ka ƙirga, ka ce, "Kawu, wannan ne cikon jika 150, ko akwai abin da ya rage?" Ka bari ya faɗa da bakinsa cewa babu. Idan kana da hali ka haɗa da goro ko turare, tunda kyautatawar da ba a sharɗanta ba halal ce. Idan kuwa ya ce ya yafe sauran, ka roƙe shi ya faɗa a gaban babban yaya, domin 'ya'yansa sun san da rancen amma ba su ji yafiyar ba. Daga nan ka je wurin yayan ka shaida masa an gama, ka kuma gaya wa mai ɗakinka.